Gayyatar Manya a Rubuce: Hausa Ta Zauna Ta Gaisa, Turanci Ya Tafi Ga Magana

A shirin wani ɗaurin aure da aka sa ni cikin masu rubuta takardu, wani ƙanenmu ya kawo wasiƙar da za a kai wa hakimin garin. Ya fara rubuta ta da Turanci, sannan ya juya ta zuwa Hausa. Layin farko ya ce: "Ana gayyatarka ranar Asabar da ƙarfe 11 na safe." Kawunmu ya karanta, ya ajiye takardar, ya ce, "Wannan ai sammaci ne." Gaskiya ya faɗa. "You are cordially invited" magana ce ta ladabi a Turanci, amma da ta shigo Hausa tsirara, ba gaisuwa ba addu'a, sai ta yi kama da kiran ofishin 'yan sanda.

Dalili shi ne harsunan biyu ba wuri ɗaya suke ajiye girmamawa ba. Turanci ba ya bambanta babba da yaro a wakilin suna, don haka ladabinsa yana cikin laƙabin da aka buɗe wasiƙa da shi, da yadda aka rufe ta, da kuma taƙaitawa. Hausa kuwa sai an yi sallama, an gaisa, an yi addu'ar da ta dace da matsayin mutum, kafin a zo ga buƙata.

Ga yadda muka sake wasiƙar. A bayan ambulan muka sa Mai Girma, sai sarautarsa, sai sunansa, sai ƙasar da yake hakimci. Ba mu sa Mai Martaba ba, domin wannan na sarkin yanka ne, kamar yadda Mai Alfarma yake na Sarkin Musulmi. Masu rubutu da yawa suna zaton ƙara wa mutum laƙabi karamci ne, alhali hakimin da aka kira Mai Martaba a takardar da fadawa za su gani an jefa shi cikin kunya ne. A ciki, bayan sallama, muka rubuta: "Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, iyalanmu suna neman alfarmar Mai Girma Hakimi ya albarkaci ɗaurin auren 'ya'yansa." A lura da abu biyu. Ba mu ce "ka zo" ba, mun yi magana kamar game da wani muke yi, wanda shi ne mafi ladabi a rubutu. Sannan mun ce "'ya'yansa", domin a wurin uban ƙasa ango da amarya nasa ne. Sunansa na yanka bai sake fitowa a cikin wasiƙar ba.

Batun "ku" yana buƙatar lura. A gidaje da yawa ana ce wa uba ko suruki "kun tashi lafiya?", kuma daidai ne. Amma a takardar gayyata, "muna fatan za ku halarta" na iya nufin shi da tawagarsa. Idan kujeru biyar aka tanada, gara a faɗa wa wakilinsa da baki.

Da wane harshe za a rubuta? Ni a ganina, a duba hannun da takardar za ta fara faɗawa. Cikin baƙinmu akwai wata farfesa da aka so ta yi wa amarya nasiha a walima, kuma sakatarenta ne yake tsara mata ranaku. Ita muka yi wa Turanci: "Dear Professor" da sunan mahaifinta, sakin layi biyu ɗauke da rana da wuri da abin da ake so ta yi da tsawon mintunan, sai "Yours sincerely". Da ba mu ambaci suna ba, muka ce "Dear Madam", to da "Yours faithfully" za a rufe. Idan sarki ne, "His Royal Highness" na bayan ambulan ne, a ciki kuwa "Your Royal Highness" ake cewa. Musanya su kuskure ne da ma'aikatan fada suke ganewa nan take. Addu'o'in Hausa kuma ba mu juya su zuwa Turanci ba, don a can sai su zama surutu. Wayar da uwar amarya ta buga mata daga baya ita ta ɗauki wannan nauyin.

Akwai kuma wuce gona da iri. Malamin da ya karantar da ango Alƙur'ani, da za a aika masa wasiƙa mai lambar ofis da hatimi, zai ji an mayar da shi bare. Shi layi uku ya ishe shi, a fara da "Allah ya gafarta Malam". Kuma ba yaro muka ba ya kai ba, ba ta WhatsApp muka tura ba. Uban ango ne ya tafi da kansa bayan la'asar, da goro a hannu, ya zauna a tabarma ya yi bayani, takardar kuwa sai da zai tashi ya miƙa ta don a tuna ranar.