Doki Ɗaya, Hannu Ɗari: Su Wa Ke Cikin Sunayen Ƙarshen Gem?

Duk wanda ya buga Red Dead Redemption 2 har ƙarshe ya san abin da ke biyo baya: sunaye su yi ta hawa allo kamar ba za su ƙare ba. Kamfanin Rockstar Games ya fitar da gem ɗin a ranar 26 ga Oktoba, 2018, bayan kimanin shekara takwas ana aiki, kuma ma'aikata wajen 2,000 ne suka sa hannu daga ofisoshinsa na Edinburgh, San Diego, Toronto, Lincoln, Bangalore da sauransu. Me ya kawo wannan yawa? Dokin jarumin labarin, Arthur Morgan, kaɗai ya isa amsa.

Kafin a zana ko da kofato, sai masu tsara wasa, waɗanda za ka ga an rubuta Designer a gaban sunansu, sun yanke dokoki. Su suka ce dokin yana da ma'aunin lafiya da na ƙarfin gudu, kuma shaƙuwarsa da mahayi hawa huɗu ce, tana ƙaruwa idan kana ciyar da shi kana goge masa jiki. Idan ya cika saurin gajiya, mai wasa zai ƙosa. Idan ba ya gajiya sam, kula da shi ta zama aikin banza.

Daga nan sai masu zane. Wani ya fitar da kamanni, wani ya gina jikin a kwamfuta ta yadda za a kalle shi ta kowace fuska, wani ya shimfiɗa fata da gashi. Har yanzu gunki ne, ba ya motsi. Akwai wanda sana'arsa ita ce dasa masa ƙasusuwa da gaɓoɓi a ciki, domin idan gwiwa ta lanƙwashe fata ta bi ta yadda ya kamata. Bayan ya gama ne masu motsi za su koya masa tafiya, sassarfa, sukuwa da tirjiya. Motsin mutane kuwa daga jikin 'yan wasa ake ɗaukarsa: Roger Clark, wanda ya fito a Arthur, sanye yake da kayan da kyamarori ke bibiyar kowace gaɓarsa, kuma 'yan wasa kusan 1,200 aka yi wa irin wannan ɗauka.

Injiniyoyin manhaja ne ke haɗa wannan duka da maɓallin da ke hannunka. Ka yi fito, dokin ya nemo hanya ya zo ba tare da ya afka rami ba. Ya hau tudu, kofatonsa su sauka daidai kan ƙasa. Kuma lokacinsu ƙayyadadde ne. A PlayStation 4 gem ɗin yana nuna hoto 30 a kowace daƙiƙa, don haka dole na'ura ta gama lissafin doki, bishiyoyi, haske da mutanen gari cikin kashi ɗaya bisa talatin na daƙiƙa. Da an makara, hoto zai fara sarƙewa. Masu sauti su ma suna nan, tunda ƙarar kofato a taɓo daban take da ta kan gadar katako.

Sai masu gwaji, sashen QA, waɗanda a ganina aka fi danne wa haƙƙi wajen yabo. Mutane na zaton wasa suke yi a biya su. Ai mai gwaji zai iya wuni yana kai doki bakin shinge guda ta kusurwa dabam-dabam. In ƙafa ta nutse cikin katako, ya rubuta wurin, da abin da ya danna, da sau nawa hakan ke faruwa, ya haɗa da bidiyo. Furodusa, mai riƙe da jadawali, shi zai duba girman matsalar ya san sashen da za a tura wa. An gyara, ta dawo wurin mai gwaji, domin gyara ɗaya kan ɓata wani abu can gefe. Yanzu ka tuna cewa dabbobin gem ɗin sun kai iri 200, ban da bindigogi, jiragen ƙasa, marubuta, masu fassara da masu talla.

Jera sunayen nan ma sai da aka yi gwagwarmaya. A da, kamfanin Atari ba ya sa sunan masu haɗa masa gem, har Warren Robinett ya ɓoye nasa a wani ɗakin sirri cikin Adventure da ya fito a 1980. Rashin yabo na cikin dalilan da suka sa injiniyoyi huɗu suka bar Atari suka kafa Activision a 1979. Sunan nan shi ne shaidar da ma'aikaci ke nunawa idan yana neman aiki a gaba. Shi ya sa aka yi ca a 2018, lokacin da jaridar Kotaku ta ruwaito, Rockstar kuma ya tabbatar, cewa wanda ya bar kamfanin kafin a kammala gem ba a sa sunansa a jerin, ko da ya shafe shekaru yana aikin.