Kafin Ka Nemi Ragi ta Imel, San Abin da Kuɗin Ya Ƙunsa

A kasuwar Sabon Gari ta Kano, kaya na gabanka: ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama. Ta imel kuwa hoto da farashi kawai kake gani, kuma sau da yawa hoton ya fi abin da za a aiko maka yawa. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a fara da neman ragi.

A ce wani dila a Legas ya sa inbata mai ƙarfin 3.5kVA a kan naira 600,000, hoton kuma ya nuna ta tare da batura. Idan mai bolt 24 ce, ba za ta tashi ba sai da batura biyu masu bolt 12, kuma manyan baturan kan kai kuɗin inbatar ko su zarce shi. Sai kuɗin mota zuwa Kano, da ladan mai haɗawa, da harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a Najeriya a shekarar 2020. Harajin nan kaɗai naira 45,000 ne a kan wannan farashi. Wanda ya yi murnar an rage masa 30,000, aka kuma ɗora masa harajin daga baya, zai biya 612,750, wato fiye da farashin da ya gani tun farko, ga shi batura ba su shigo lissafi ba tukuna.

Saƙon ba ya bukatar tsawo. A kan saƙon ka rubuta sunan kayan da lambar samfurinsa, domin dila na da kaya iri-iri. Sannan ka ce:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Na ga inbatar 3.5kVA da ka sa naira 600,000. Don Allah, kuɗin ya haɗa da batura, da VAT, da kawowa Kano? Sabuwa ce ko an yi amfani da ita, kuma garantin wata nawa ne? Idan duk suna ciki, zan biya 560,000 a wannan makon. Na gode."

Ka lura an faɗi adadi da lokacin biya. Tambayar "nawa ne gaskiya?" ba ta cika jawo ragi ba, don ba ta nuna wa mai kaya cewa da gaske kake ba. Tayin wulaƙanci, kamar rabin kuɗi, shi ma yakan sa a share saƙonka.

Amsar da ta zo ita ce ma'auni. Dilan kirki zai bi tambayoyinka ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce "komai na ciki, turo kuɗi yanzu" ya tsallake su ne, sai ka sake tambaya. Kada ka tura ko sisi sai ya aiko maka da takardar farashi mai ɗauke da kowane kaya, da kuɗinsa, da jimilla, da ranar da tayin zai ƙare.