Takardar Neman Jari Mai Shafi Biyu: Misali Daga Kasuwancin Citta

Mun gwada koyar da rubutun kasuwanci da misalin citta, wadda ake nomawa a Nok, cikin Ƙaramar Hukumar Jaba, da kewayen Kafanchan. Ɗalibi zai rubuta wa mai jari takarda mai shafi biyu.

Shafi na farko zai bayyana matsala da kasuwa. Matsalar ita ce manoma kan shanya tsagaggiyar citta a ƙasa, ta kwashi yashi, darajarta ta faɗi. Kasuwar kuwa ita ce dillalan da ke kai busasshiyar citta Legas domin fitarwa waje.

Shafi na biyu zai faɗi adadin kuɗi da yadda za a kashe su. A misalinmu na aji, an nemi naira miliyan 3: miliyan 2 na injin tsaga citta da tamfol, miliyan 1 na sayen ɗanya. Sai a ambaci lokacin biya da rabon riba.

Malami ya duba abu biyu: ko lissafin ya dace da adadin da aka nema, kuma ko an ambaci haɗari, kamar cutar da ta lalata gonakin citta a 2023. Mai jari ba zai amince da takardar da ta ɓoye wannan ba.