Cinikin zaɓi: yadda kwanaki ke zama riba

Kwangilar zaɓi izini ce da mutum ke biya wa kuɗi don ya sayi hannun jari a ƙayyadadden farashi kafin wata rana. Darajarta kamar ƙanƙara take: tana narkewa kullum, kuma narkewar ta fi sauri a makonnin ƙarshe. Wannan bambancin gudu shi 'yan kasuwar Amurka ke ci.

A ce hannun jari yana dala 100. Sai ka sayar da izinin saye a dala 100 mai wa'adin kwana 30, ka karɓi dala 3, ka sayi irinsa mai kwana 60 a dala 4.20. Ka fitar da dala 1.20 ke nan, wato 120 a kwangila mai hannun jari ɗari, kuma asararka ba ta wuce nan ba.

Idan wata ya cika farashin bai motsa ba, na kusa ya mutu, ba a bin ka komai. Na nesa kuwa saura masa kwana 30, yana kai kusan dala 3. Riba dala 1.80.

Sai dai sharaɗin da wuya. Farashi ya yi tsalle zuwa 120 ko ya faɗi 80, tazarar izinin biyu ta shafe. Haka in kasuwa ta daina tsammanin hargitsi, na nesan ya yi arha a hannunka.