Baƙin ciki ko ciwon damuwa? Abin da ake faɗa da abin da yake a littafi

Ke da kike karatun jinya, za ki ji maganganu da yawa a ɗakin marasa lafiya game da ciwon damuwa, wasu ma daga bakin manyanki. Wasu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa ba su da tushe ko kaɗan.

Ana cewa duk wanda ya yi sati 2 cikin baƙin ciki ya kamu. Wannan rabin gaskiya ne. Sati 2 ɗin yana nan a littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, amma shi kaɗai bai isa ba. Ana neman alamomi 5 cikin 9, kusan kullum, kuma dole a cikinsu a samu ko dai ƙuncin zuciya na mafi yawan yini, ko gushewar sha'awar abin da mutum ya saba jin daɗinsa. Sauran su ne canjin cin abinci ko nauyin jiki, rikicewar barci, sanyin jiki ko rashin natsuwar da na kusa ke gani, kasala, raina kai ko ɗora wa kai laifi, kasa tattara hankali, da yawan tunanin mutuwa. Bayan haka sai an ga abin ya taɓa aikin mutum ko zamansa da jama'a. Littafin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya shi ma 5 yake nema, sai dai cikin 10, don ya ƙara yanke ƙauna.

Daga nan za ki gane cewa masu cewa mai ciwon damuwa sai an ga yana kuka sun yi kuskure. Mutum na iya cika sharaɗi ba hawaye ko ɗigo, in dai sha'awa ta mutu. Wani ma ciwon kai da nauyin jiki zai kawo miki.

Maganar da ta fi cutar da mutane ita ce: "Ai tana da dalili, mijinta ne ya rasu." A ce an kawo miki mace mai takaba, sati 6 da rasuwar mai gidanta. Idan baƙin cikin yana zuwa yana tafiya, ya taso in ta ga rigarsa ko in an zo gaisuwa, amma jikanta ya sa ta dariya, tana cin abinci ko da kaɗan ne, kuma ba ta ganin kanta a matsayin banza, to wannan jimami ne irin na kowane ɗan Adam. Kada ki yi masa suna da ciwo. Amma a ce ƙuncin ba ya ɗagawa ko na awa ɗaya, ta daina kula jikan, tana farkawa tun kafin kiran assalatu ta kasa komawa, zani ya soma yi mata yawa, tana ta cewa ita ce ta jawo mutuwarsa, gara ma ta bi shi. Ki ƙirga: ƙunci, gushewar sha'awa, barci, rama, ɗora wa kai laifi, tunanin mutuwa. Alamomi 6 ke nan. Tsohon littafin, DSM-IV, yakan ware mai jimami har wata 2 sai in alamomin sun yi tsanani. DSM-5 ya cire wannan togaciya. An yi ta muhawara a kai, kuma masu tsoron kada a mayar da jimami ciwo suna da hujja. Ni dai a ganina samun dalili ba ya kare mutum daga kamuwa, sau da yawa ma shi ne mafarin ciwon.

Takardar tambayoyi ta PHQ-9 kuwa, wadda makinta ke kaiwa 27, ta tacewa ce kawai. Maki 10 ko fiye yana nufin a zauna a bincika sosai. Ƙarancin jini ko raunin aikin ƙwayar tayirod da ke wuya na iya kawo kasala da sanyin jiki iri ɗaya. Haka nan sai an tambaya ko mutum ya taɓa yin kwanaki yana zumuɗi fiye da kima, ba barci ba gajiya, don wannan wani ciwon ne daban, maganinsa ma daban.

Sai masu cewa tambayar mutum ko yana tunanin kashe kansa ita ke sa masa tunanin. Bincike bai nuna haka ba. Ki keɓe da matar nan, ki ce: "Mama, kin taɓa jin gara ki mutu? Kin yi tunanin yadda za ki yi?" In ta ce e, kada ki bar ta ita kaɗai, ki sanar da likita a lokacin, ko da alamominta ba su kai 5 ba.