Saƙon da Ke Hana Kamfanin Samar da Ma'aikata Mantawa da Kai

Yawancin masu neman aiki ta hannun kamfanonin samar da ma'aikata sukan ɗauka cewa da zarar sun miƙa takardar tarihin karatu da aikinsu, wadda aka fi sani da sibi, sai su koma gida su jira kira. Sati shida ya wuce shiru, sai mutum ya ce an yi watsi da shi. Sau da yawa ba watsi aka yi da shi ba. Jami'ar da ke riƙe da takardunsa ce ba ta san ko har yanzu yana nema ba, ko ya samu wani wurin, ko ma ya bar garin.

Kafin a fahimci abin da ya kamata a rubuta mata, sai an gane wa take yi wa aiki. Kamfanin samar da ma'aikata tamkar dillali ne, kuma la'adarsa daga hannun mai ɗaukar ma'aikaci take fitowa, galibi bayan wanda aka gabatar ya kama aiki. A yawancin irin wannan yarjejeniya, in sabon ma'aikacin ya gudu cikin 'yan watannin farko, kamfanin ne zai nemo wani a madadinsa ko ya mayar da wani ɓangare na kuɗin. Saboda haka babban abin da jami'ar ke gudu shi ne ta kai sunanka, a yi maka intabiyu, a yaba, sannan ka ce ai ba za ka iya farawa ba sai bayan wata uku, ko kuma ka riga ka karɓi wani aikin tun makon jiya. Kunyar a kanta take ƙarewa. Wanda take da tabbacin halin da yake ciki a yau, shi za ta fara sakawa a jerin mutum uku ko biyar da za ta tura, ko da akwai wanda ya ɗan fi shi takardu amma an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba.

To, saƙon da za ka aika ba na gaisuwa ba ne kawai, ba kuma na tuni ba. "Ina dai tuna muku maganata" ba ya ƙara mata komai. Abin da take buƙata shi ne bayanin da za ta iya ɗauka ta faɗa wa mai ɗaukar aiki ba tare da ta sake kiranka ba.

Na farko kuma mafi nauyi shi ne ranar da za ka iya kama aiki. Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe, domin sukan rubuta "a shirye nake kowane lokaci" alhali suna kan wani aikin. Wanda ke aiki ba ya tashi haka kawai, sai ya ba da notis. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta ajiye mafi ƙarancin wa'adi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, sati ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, sati biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Notis na sati ɗaya zuwa sama dole ya kasance a rubuce, kuma ba a lissafa ranar da aka miƙa shi. Sai dai wannan mafi ƙaranci ne, kuma ma'aikatan ofis masu aikin gudanarwa ko na ƙwararru ba su cikin waɗanda dokar take kira ma'aikaci. Su abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki shi ne hukunci. Sau da yawa wata ɗaya ne, na manya kuma yakan kai uku. Don haka kafin ka rubuta wa kowa wata rana, ka ciro takardar nan daga inda ka adana ta ka karanta sakin layin da ya yi maganar barin aiki.

Mu ɗauki misalin wata mai aikin lissafin kuɗi a wata masana'anta a Sharaɗa, cikin Kano. Shekararta uku a wurin. Ta ji ana cewa sati biyu ne notis ɗin mai shekara uku, amma takardarta ta ce wata ɗaya, ko kuma ta biya albashin wata guda a madadinsa. Ba ta da niyyar biyan wannan kuɗin. Ba kuma za ta ajiye aikinta kan alkawarin baki ba, sai ta ga takardar ɗauka a hannunta. Ke nan lissafinta daga ranar takardar zai fara. In ta same ta ran 10 ga Afrilu ta miƙa notis ran 11, wa'adinta zai cika wajen 11 ga Mayu. Ga kuma bikin ƙanwarta a Gusau da zai ɗauke ta kwana huɗu a ƙarshen Maris, lokacin da ba za ta iya zuwa intabiyu ba. Sannan ita da kanta ta nemi aiki a wani kamfanin rarraba kaya, har an kira ta zagaye na biyu. Ga yadda saƙonta zai kasance, ko da Turanci ta rubuta shi kamar yadda aka saba a irin waɗannan ofisoshi, ko da Hausa:

"Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya, ya aiki? Ni ce wadda kika zanta da ita a watan Janairu kan aikin lissafin kuɗi. Ina sanar da ke cewa har yanzu ina nema. Ina nan a wurin aikina, kuma notis ɗina wata ɗaya ne, don haka zan iya farawa sati biyar bayan na karɓi takardar ɗauka. Ina iya zuwa intabiyu kowace rana in an sanar da ni kwana biyu kafin nan, ban da 27 zuwa 30 ga Maris da zan yi tafiya. Akwai wani kamfanin rarraba kaya a nan Kano da na nema da kaina, mun kai zagaye na biyu, sun ce zan ji daga gare su kafin 20 ga Maris. Ban karɓi komai ba tukuna, kuma duk yadda ta kaya zan sanar da ke a ranar. A da na ce Kano kawai, yanzu zan iya zuwa Kaduna ko Abuja in albashin ya ɗauki kuɗin haya. Na haɗo sabuwar sibi da na ƙara aikin haɗa rahoton ƙarshen shekara da na yi a Disamba. Ina roƙon ki ci gaba da gabatar da ni, amma don Allah ki riƙa faɗa mini sunan wurin kafin ki tura takarduna. Na gode, a huta lafiya."

A lura ta ce sati biyar, ba huɗu ba. Ta bar wa kanta 'yan kwanakin karanta takardar, da miƙa ragamar aiki, da abin da ba a rasa ba.

Wurin da mutane suka fi jin nauyi shi ne faɗin cewa suna magana da wani wuri. Suna ganin jami'ar za ta yi fushi ta ajiye su. A ganina akasin haka ya fi faruwa. In tana da wani kamfani da ya ga takardun matar nan yana ta jan ƙafa, yanzu ta samu dalilin ɗaga waya ta ce musu su yanke shawara kafin 20 ga wata. Amma abin yana amfani ne kawai in gaskiya ne. Wasu sukan ƙirƙiro tayin da babu shi don a yi sauri. Jami'ar da ta daɗe a harkar za ta tambayi matsayin aikin, da albashin, da ranar da aka ba ka ka amsa, kuma nan labarin ƙarya yake warwarewa. Ko bai warware ba, za ta iya cewa Allah ya sanya alheri, ta cire ka daga jerin, ka tashi ba wan ba ƙanin.

Shin dole ne a faɗi sunan ɗaya kamfanin? Ba dole ba ne, kuma matar nan ba ta faɗa ba, ta dai ambaci irin harkarsa da garin. Akwai jami'an da in sun ji wani wuri na neman ma'aikaci sai su garzaya su tallata nasu mutanen, ka jawo wa kanka abokan takara. Amma akwai haɗari ta ɗaya ɓangaren, wanda shi ya sa ta roƙi a riƙa faɗa mata suna kafin a tura. In sibi ɗinka ta isa ofis ɗaya ta hanya biyu, ta hannunka da ta hannun kamfanin, ko ta hannun kamfanoni biyu, sai gardama ta tashi kan wa ya kawo ka da wa za a biya. Wasu masu ɗaukar aiki ba sa son wannan ciwon kan, sai su tsallake sunan gaba ɗaya. Maganin abin littafi ne ƙarami ko shafi a waya: sunan wuri, wa ya tura, wace rana. Akwai kuma wani dalilin. Ba ka so takardunka su faɗa teburin aminin maigidanka na yanzu kafin ka shirya.

In maganar albashi ta canza, ita ma a faɗa, amma a fayyace wanne ake nufi, jimillar da ke kan takarda ko abin da ke shiga asusu. Tsakaninsu akwai haraji da kuɗin fansho, wanda a ƙarƙashin dokar 2014 ma'aikaci ke ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukarsa kuma kashi 10. Mutum ya ce dubu ɗari uku yana nufin abin da zai riƙe a hannu, jami'a ta kai shi a matsayin jimilla, sai a ranar takarda a gane ba magana ɗaya ake yi ba.

Sau nawa za a rubuta? Duk lokacin da wani abu ya canza, a ranar. In babu canji, layi biyu duk sati uku ko huɗu sun isa. A bi ta hanyar da jami'ar ta saba amsawa, imel ko saƙon waya, kuma in imel ne a ci gaba a kan tsohon saƙon don ta ga tarihin maganar. Kiran waya kullum da safe yakan sa a daina ɗauka.

Amsar da za ta biyo baya tana nuna matsayinka. In ta dawo da tambayoyi, kamar wane yanki na Abuja ko nawa ne mafi ƙarancin da za ka karɓa, to tana da wani wuri a ranta. In "an gani, za mu tuntuɓe ka" ce sau uku a jere, babu gurbi irin naka a hannunta yanzu, sai ka ƙara ƙarfi a wasu hanyoyin ba tare da ka rufe wannan ba. In kuwa amsar ita ce ka turo kuɗi don a sa sunanka a gaba, ka tsaya. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, wadda Najeriya ta amince da ita a 2023, ta kafa ƙa'idar cewa irin waɗannan kamfanoni ba sa cajin mai neman aiki. Kuma kamfanin gaskiya yana da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ba laifi ba ne ka nemi a nuna maka shi.

Ran 20 ga Maris matar nan za ta sake rubutawa, ko an ɗauke ta ko ba a ɗauke ta ba. In ba a ɗauka ba, layi ɗaya ne: wancan bai yiwu ba, sauran bayanin yana nan yadda yake. In an ɗauka kuma ta sa hannu, sai ta sanar da Hajiya a ranar, ta nemi a janye takardunta daga duk inda aka tura su, kafin wani ofis ya sa mata ranar intabiyun da ba za ta je ba.