Kafin a fitar da la'ada: saƙon da ya kamata wakili ya samu

Ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari a Kano, yana da wakili a Gombe ko Maraɗi mai sayar masa da atamfa a kan la'ada, yakan tura saƙo irin wannan idan wata ya ƙare: "Salam, turo min lissafin abin da ka sayar mu ga la'adarka." Babu rashin ladabi a ciki, amma bai faɗi daga yaushe zuwa yaushe ba, kuma ya bar wa wakili ya fassara "sayarwa" yadda ya fahimta. Daga nan yawancin saɓani ke tasowa, ko da duka biyun masu amana ne.

A ce an tura wa wakili turmi 120 a watan Maris, kowanne a kan naira 15,000, da sharaɗin la'ada kashi 5 cikin 100 na kuɗin da ya shigo. Wakili ya amsa cewa ya sayar da ɗari. A lissafinsa ciniki ya kai naira 1,500,000, la'adarsa 75,000. Bai yi ƙarya ba, turmi ɗari sun bar shago. Sai dai tamanin ne aka biya kuɗinsu, wato 1,200,000. Sha biyar bashi aka ɗauka, biyar kuma an dawo da su saboda tabo. La'adar da ta tabbata ke nan naira 60,000. Cikin 15,000 da ta rage, 11,250 tana jiran masu bashi su biya, 3,750 kuwa babu ita gaba ɗaya. Idan Alhaji ya riga ya tura 75,000, karɓo rarar ya fi wuya a kan riƙe ta tun farko, domin wakili zai ji kamar ana ƙwace masa haƙƙin da ya shiga aljihunsa.

Gyaran da ya fi kowanne amfani shi ne mai kaya ya fara ajiye nasa lissafin a cikin saƙon, ya nemi wakili ya tabbatar ko ya gyara. Ga yadda zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum Malam, ya kasuwa, ya iyali? Ina so in fitar maka da la'adarka ta Maris, daga 1 zuwa 31 ga wata. A littafina na turo turmi 120 a kan 15,000. Kuɗin da ya shigo asusu 1,200,000 ne, na turmi 80. Don Allah ka duba naka littafin ka faɗa min nawa ne ke bashi, nawa aka dawo da su, nawa suka rage a shago. In akwai kuɗin da ka turo ban gani ba, ka haɗo da hoton rasidin. Idan mun daidaita a kan 1,200,000, la'adarka 60,000 ce, ta bashin kuma sai ya shigo. In na sami amsarka zuwa Laraba, zan tura maka ranar Alhamis in sha Allah."

Saƙon ya buɗe da maganar biyan wakili, don haka ba zai ji ana tuhumarsa ba. Tambayoyin nan uku kuma suna da aiki: idan aka tara amsoshinsu da tamanin ɗin da aka biya, dole su koma 120. Sha biyar na bashi, biyar da aka dawo da su, ashirin da ba a taɓa ba, an cika. In lissafin ya tsaya a 117, an san akwai turmi uku da za a nema tun kafin maganar kuɗi. Sai a kula kada biyar ɗin da aka dawo da su su sake shiga cikin na shago a ƙirga su sau biyu.

Iyakar kwanakin ma ba ado ba ce. Kuɗin da aka tura daren 31 ga wata yana iya bayyana a asusu 1 ga Afrilu, sai a ƙirga shi a wata biyu ko a rasa shi a duka biyun. Hoton rasidi na nuna inda za a duba, amma bayanin asusu daga banki shi ne abin dogaro.

Wasu kan ƙara da cewa in ba su ji amsa ba, sun ɗauka wakili ya yarda. Ban ga hikimar wannan ba, domin mutumin da wayarsa ta lalace ko yake hanya bai yarda da komai ba. Ya fi kyau a ce biyan zai jira amsarsa. Ita ma amsar a nemi ta zo a rubuce. Mutanenmu sun fi sakewa da saƙon murya a WhatsApp, amma sha biyar da hamsin ba sa rikicewa a rubuce kamar yadda lambobi ke ɓacewa a cikin hayaniyar kasuwa. Idan wakilin ba ya rubutu, Alhaji ya saurari muryar, ya rubuta lambobin ya mayar masa, a karanta masa ya amsa da "haka ne", sannan a tura kuɗin.